Auna ingancin aikin asibiti da takardar dubawa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sa ido kan ƙananan asibitoci suka fi yi idan aka miƙa musu takardar dubawa aka ce su je su ba da maki. Mun ɗauki sashe ɗaya muka bi shi daga farko har ƙarshe, wato duba yaro marar lafiya ɗan ƙasa da shekara 5, domin a nan ne kurakuran ba da maki suka fi fitowa fili. Alƙaluman da ke cikin misalan namu ne, don koyarwa muka tsara su.

Mece ce takardar dubawa, kuma me ya bambanta ta da tambayoyin da ake yi wa ma'aikata?

Takarda ce da ke ɗauke da jerin abubuwan da ƙa'ida ta ce a yi ko a tanada, kowanne a layinsa, da gurbin da mai dubawa zai sa alama. Bambancinta da hira shi ne ba ta karɓar "muna yi". Abin da ido ya gani ko kunne ya ji a wannan zama, shi kaɗai ke shiga. Idan ka tambayi ma'aikaci ko yana ƙirga numfashin yaro mai tari, zai ce i, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, ya san ana yi. Amma sanin abu daban, yin sa a kan yaro na ashirin da rana tsaka daban. Takardar dubawa tana auna na biyun.

Tun 1966 Avedis Donabedian ya kasa ingancin kula da lafiya gida uku: abin da asibiti ya tanada (gini, kayan aiki, magunguna, ma'aikata), yadda ake gudanar da aikin, da kuma sakamakon da ya biyo baya ga majinyaci. Takardar dubawa tana kama gida na ɗaya da na biyu. Na uku ba nata ba ne: ba za ta gaya maka ko yaron ya warke ba.

Daga ina ake samo ƙa'idar da za a auna asibitin da ita?

Daga rubutaccen mizanin da asibitin ke aiki a ƙarƙashinsa: jagorar ma'aikatar lafiya ta ƙasar, ko ta Hukumar Lafiya ta Duniya inda ƙasar ta ɗauke ta. Ga yaro marar lafiya, yawanci tsarin IMCI ne, wato haɗaɗɗiyar hanyar kula da cututtukan yara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Ga kayan aiki kuwa, tsarin SARA, wanda hukumar ta fitar don auna ko asibiti a shirye yake ya ba da hidima, ya kasa shirin asibiti gida biyar: abubuwan more aiki kamar ruwa da wuta, kayan awo na yau da kullum, matakan kare yaɗuwar cuta, gwaje-gwaje, da muhimman magunguna.

Sharaɗin shi ne kowane layi a takardar ya zama kana iya nuna shafin da ya fito a jagorar. Layin da ba shi da tushe sai ra'ayin wanda ya rubuta, cire shi. Ranar da shugaban asibiti ya ce "a ina aka ce mu yi wannan?", dole ka sami abin buɗewa. Haka kuma a auna asibiti da mizanin matakinsa. Ba a rage wa asibitin sha-ka-tafi maki don ba ya ƙarin jini, tunda ba aikinsa ba ne. Abin da za a duba a wurinsa shi ne ko ya gane yaron da ke buƙata ya tura shi gaba da takarda.

Yaya ake rubuta layi mai kyau?

A nan rabin aikin yake. Layi mai kyau yana ɗauke da aiki ɗaya, wanda ake gani ko a ji, kuma yana faɗin iyakar da idan an kai an ci maki.

Ɗauki wannan: "Ma'aikaci ya duba numfashin yaro yadda ya kamata." Masu dubawa biyu za su karanta shi daban. Ɗaya zai ba da maki don ya ga an ɗora abin sauraren ƙirji, ɗayan zai hana don bai ga agogo ba. Gyaransa: "Ya buɗe ƙirjin yaro, ya ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya da agogo." Sai a rubuta a gefe cewa ƙirgen daƙiƙa 15 a ninka huɗu bai ci ba. Dalilin wannan tsanani na jiki ne: numfashin ƙaramin yaro ba ya tafiya daidai, yana sauri ya lafa, kuma iyakar da ke raba mura da namoniya siririya ce. Numfashi 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan wata 12 har zuwa shekara 5. Kuskuren numfashi biyu a daƙiƙa 15 ya zama takwas a minti, ya isa ya mayar da yaro mai 44 ya koma 36 a sallame shi ba magani.

Kuskure na biyu shi ne cusa abubuwa da yawa a layi ɗaya. "Ya tambayi alamomin haɗari" layi ne da ke ɓoye abubuwa huɗu: ko yaron na iya sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga a wannan ciwon, da ko ya galabaita ko ya fita hayyacinsa. Ma'aikacin da ya tambayi uku ya bar jijjiga, me za ka ba shi? Raba su huɗu, tambayar ta kau, kuma a ƙarshe za ka san wacce ake yawan mantawa.

A guji kalmomi irin su "sosai", "isasshe", "cikin ladabi", "mai tsabta", sai dai a fassara su zuwa abin gani. Maimakon "ya karɓi uwa da kyau", a rubuta "ya gaishe ta, ya ba ta wurin zama". Maimakon "akwai wurin wanke hannu", a rubuta "akwai ruwa da sabulu, ko sinadarin goge hannu, a cikin ɗakin duba marasa lafiya a lokacin ziyara". Famfon da ba ya kawo ruwa ya ci maki a layin farko, ya faɗi a na biyu.

Wane irin maki ya fi: i ko a'a, ko mai hawa-hawa?

Mu mun fi son i ko a'a: 1 idan an yi, 0 idan ba a yi ba, da gurbi na uku na "bai shafa ba". Ma'auni mai hawa uku (0, 1, 2, inda 1 ke nufin an yi rabi) yana da jan hankali don yana kama da adalci, amma gurbin tsakiya mafaka ce. Mai dubawa da ke jin nauyin ma'aikaci, ko bai tabbata abin da ya gani ba, can zai gudu. Idan takardar da aka ba ka mai hawa uku ce, kada ka fita fili sai an rubuta wa kowane layi abin da 1 ke nufi. Misali a takardar zafin firjin rigakafi, wadda ƙa'ida ta ce a cike sau biyu a rana kuma zafin ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8: maki 2 idan kwana 30 da suka wuce duk an cike safe da yamma, 1 idan gurbin da aka tsallake bai wuce adadin da aka amince ba, 0 idan ya wuce ko babu takardar.

Ga kayan aiki kuma, amsoshin da ake buƙata uku ne: an gani kuma yana aiki, an gani ba ya aiki, an ce akwai ba a gani ba. Na farko ne kawai ke cin maki. Ma'aunin zafin jiki a kunna shi, sikeli a ɗora masa wani abu, magani a juya kwalin a karanta ranar lalacewa. "Yana cikin sito, mai makulli ya fita" sifiri ne, domin yaron da ya zo a wannan sa'ar shi ma bai samu ba.

Yaushe ake sa "bai shafa ba", kuma me ya sa ake ta jan kunne a kansa?

Ana sa shi ne kawai idan yanayin majinyacin bai kira wannan aikin ba. Yaron da ba ya gudawa, layin ba da ruwan gishiri da sukari bai shafe shi ba. Amma idan yaron na gudawa kuma ba a ba shi ba don ya ƙare a asibitin, wannan sifiri ne, sai a rubuta dalili a gefe. Rashin kaya ba ya mayar da layi "bai shafa ba". Masu dubawa masu tausayi sun fi faɗawa wannan ramin, suna cewa ai ba laifin ma'aikaci ba ne. Gaskiya ne, amma ba ma'aikaci ake aunawa ba, hidimar da yaron ya samu ake aunawa.

Akwai wani tarko mai zurfi. Idan ma'aikaci bai tambaya ko yaron na gudawa ba, ba ka da hurumin sa "bai shafa ba" a layukan gudawa, domin ba wanda ya sani. Shi ya sa ake sa layin tambayar a gaba, ya zama ƙofa: idan an tambaya an ce babu, layukan da ke ƙarƙashinsa su fita daga lissafi; idan ba a tambaya ba, layin ƙofar ya sami sifiri, sannan a bi abin da jagorar takardar ta tanada game da sauran, ko dai a tabbatar daga bakin uwa bayan ta fito, ko a sa musu lambar "ba a sani ba". Kowace hanya aka zaɓa, a bi ta a dukkan asibitoci.

Ku nuna mana lissafin a kan majinyaci ɗaya.

Takarda ce mai layi 20. An kawo yarinya 'yar wata 14 da tari da zazzaɓi kwana uku. Ma'aikaciya ta gaida uwar, ta auna nauyi, ta auna zafi ta sami 38.4. Ta tambayi ko tana kama nono, ko tana amai, ta lura yarinyar na kallon mutane tana miƙa hannu. Ta tambayi tari, zazzaɓi, gudawa da ciwon kunne. Uwa ta ce ba gudawa. Ta ɗaga rigar ta dubi ƙasan ƙirji ko yana faɗawa ciki, ta ɗan kalli numfashi kamar na daƙiƙa goma ba agogo ta ce "da ɗan sauri". Ta yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ta duba katin rigakafi, ta rubuta magani, ta ce a dawo bayan kwana uku ko da wuri idan jiki ya tsananta.

Layuka uku na gudawa (tambayar jini a kashi, jan fatar ciki, ba da ruwan gishiri da sukari tare da zink) ba su shafi wannan yarinya ba. Saura 17. Huɗu sun sami sifiri: ba ta wanke ko goge hannu kafin taɓa yarinyar ba, ba ta tambayi jijjiga ba, ba ta ƙirga numfashi na minti ɗaya ba, kuma ba ta sa uwar ta maimaita yadda za ta ba da maganin ba. Sauran 13 an yi.

Makin shi ne 13 a raba da 17 a ninka 100, ya ba da 76.5. Yanzu dubi abin da ke faruwa idan aka yi wasa da layuka ukun nan. Wanda ya ɗauke su sifiri zai raba 13 da 20 ya sami 65, ya zalunci ma'aikaciyar. Wanda ya ba su maki kyauta zai raba 16 da 20 ya sami 80. Idan shirin ya sa 80 a matsayin makin wucewa, to kuskuren lissafi kaɗai ya tsallakar da duban da ba a ƙirga numfashi ba. Zama ɗaya, amsa uku, tazarar maki 15.

A manhajar lissafi, idan amsoshin suna B2 zuwa B21 kuma an rubuta NA a inda bai shafa ba, wannan yana fitar da maki daidai:

```
=100*COUNTIF(B2:B21,1)/(COUNTIF(B2:B21,1)+COUNTIF(B2:B21,0))
```

Tsarin yana tsallake gurbin da aka bari fayau, ya ɗauke shi tamkar bai shafa ba. Don haka kafin a bar asibitin a bi takardar layi-layi a tabbatar ba gurbin da ba alama.

To 76.5 ɗin nan, da kyau ko ba kyau?

Lambar ita kaɗai ba ta faɗa. Dubi me aka bari. Gaisuwa da tambayar jijjiga kowanne maki ɗaya ne a takardar, amma yaron da ya yi jijjiga a wannan ciwon na buƙatar a tura shi babban asibiti cikin gaggawa, kuma iyaye ba kullum suke faɗa ba sai an tambaya. Ma'aikaci na iya tara 85 daga gaisuwa, awo da cike kati, alhali ya tsallake abubuwa biyun da ke hana mutuwa.

Maganin wannan shi ne a ware wasu layuka kaɗan, biyar zuwa bakwai, a yi musu tauraro a matsayin na tilas. Ana fitar da maki biyu: na jimla, da kuma amsar tambaya ɗaya, shin an cika dukkan na tilas? A misalinmu sakamakon zai zama "76.5, na tilas ba su cika ba: jijjiga, ƙirgen numfashi". Wasu shirye-shirye suna ninka makin layin tilas sau biyu ko uku maimakon haka. Yana aiki, amma har yanzu tarin ƙananan maki na iya rufe shi, shi ya sa muka fi son a ajiye shi daban inda ido zai faɗa kansa.

Majinyata nawa za a kalla kafin a ce ga makin asibiti?

Ɗaya bai isa ba. Shirye-shiryen sa ido da yawa suna tsayawa a kusan biyar a kowane sashe saboda abin da yini ɗaya zai ɗauka ke nan. Biyar sun isa a zauna da ma'aikata a ce ga abin da muka gani yau. Ba su isa a jera asibitoci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba, domin a layi ɗaya, majinyaci ɗaya yana motsa sakamako da maki 20. Asibitin da ya tashi daga 60 zuwa 80 a wani layi tsakanin ziyara biyu, bambancin yaro ɗaya ne.

Akwai ɗan lissafi mai amfani ga mai son sanin iyakar abin da ya gani. Idan ka kalli majinyata 30 ba ka ga kuskure ko sau ɗaya ba, masana ƙididdiga na cewa a raba 3 da adadin: ainihin yawan kuskuren na iya kaiwa kusan kashi 10 cikin ɗari. Idan 30 ba su kawar da shakka ba, ka ga matsayin biyar.

Zaɓen majinyatan ma na da ƙa'ida. A ɗauke su bi da bi yadda suka shigo, ko kowane na uku, kada ma'aikaci ya zaɓo maka. A raba tsakanin ma'aikatan da ke bakin aiki, kada duk biyar ɗin su faɗa kan wanda ya fi ƙwarewa, wanda galibi shi ake turo wa baƙo. A taɓa safiya a taɓa bayan azahar, lokacin da layi ya yi tsawo kuma gajiya ta shigo.

Yaya ake haɗa makin majinyata da yawa?

Ce biyar ɗin sun ba da 13 cikin 17, 16 cikin 20, 14 cikin 17, 12 cikin 17, da 15 cikin 20. Tara na sama, 70. Tara na ƙasa, 91. Makin sashen 76.9. Wannan karatun tsaye ne, majinyaci bayan majinyaci, kuma shi ake kaiwa ofis.

Karatun da ke gyara aiki na kwance ne, layi bayan layi. Auna nauyi: 5 cikin 5. Duba katin rigakafi: 5 cikin 5. Ƙirgen numfashi: yara huɗu ne masu tari, an ƙirga wa ɗaya. Wanke hannu: 1 cikin 5. Nan take ka ga ba asibitin ne "matsakaici" a komai ba. Ya ƙware a yawancin abubuwa, ya faɗi warwas a biyu. Kuma da ka waiwaya takardar kayan aiki, sai ka tarar ɗakin ba agogon bango mai hannun daƙiƙa, bokitin wanke hannu kuma yana can baranda. Wannan haɗin tsakanin takardun biyu shi ne ribar ziyarar.

Idan za a fitar da maki ɗaya ga asibitin baki ɗaya, a yanke nauyin kowane sashe kafin a fita fili. Misali kayan aiki sun sami 90, duba majinyaci 77, kare yaɗuwar cuta 60, ajiye bayanai 90. In aka ba su nauyi ɗaya, makin ya haura 79 kaɗan. In aka ba su nauyin 20, 40, 25 da 15, ya sauko 77.3. Ba wanda ya fi wani zama "gaskiya", amma wanda aka zaɓa bayan an ga sakamako ya zama maguɗi. Kada kuma a zuba dukkan layuka a kwando ɗaya, domin sashen da ya fi yawan layuka, wanda kusan kullum na kayan aiki ne, zai danne sauran.

Ai ma'aikata suna gyara hali idan ana kallonsu. Me ya rage na amfanin kallon?

Suna gyarawa, kuma abin har suna yake da shi, daga masana'antar Hawthorne da ke kusa da Chicago inda aka yi nazarin ma'aikata tsakanin 1924 da 1932. A fannin lafiya, binciken Kenneth Leonard da Melkiory Masatu a yankin Arusha na Tanzaniya, wanda ya fito a 2006, ya nuna ingancin duba marasa lafiya ya yi tsalle da shigowar mai kallo, sannan ya riƙa sauka har ya koma inda yake bayan majinyata kamar 10 zuwa 15.

Abu biyu ke fita daga nan. Na farko, makin kallo rufi ne, ba matsakaici ba: shi ne mafi kyawun abin da ma'aikacin zai iya. Don haka abin da ya bari alhali ya san ana kallonsa, ko bai sani ba ne, ko ba shi da kayan yi, kuma wannan labari ne mai daraja. Na biyu, majinyata biyar na farko su ne mafi kumbura. Idan lokaci ya ba da dama, a zauna a kalli biyu ko uku ba tare da ba da maki ba, a daɗe a ɗakin, sannan a gwada abin da aka gani da rajistar makonnin baya. Idan yau an ƙirga wa kowane yaro numfashi amma gurbin numfashi a rajista fayau yake tun watan jiya, ka san wanne za ka gaskata.

A ina mai dubawa zai zauna, kuma me zai ce?

Kafin komai, izini biyu: na ma'aikaci, da na uwa ko wanda ya kawo yaron. A gaya mata a fili cewa ana duba yadda asibitin ke aiki ne, ba za a rubuta sunanta ko na ɗanta ba, kuma in ta ce a'a za a duba yaron yadda aka saba. In ta ƙi, a fita a jira na gaba, a rubuta cewa an ƙi.

A zauna a gefe, inda za a ga hannun ma'aikaci da ƙirjin yaro, a ji maganarsu, amma ba a gaban idon ma'aikacin ba. Ba gyaɗa kai, ba tsaki, ba amsa tambayar uwa idan ta juyo gare ka. A sa alama a lokacin da abin ke faruwa. Wanda ya bari sai an fita zai cike da abin da ya saba gani, ba abin da ya gani ba. Wani ƙaramin abu: ma'aikata suna lura da lokacin da biro ke motsi, har su fara karanta takardar daga hannunka. Riƙe allon a karkace, ka riƙa rubutu a kai a kai. Kuma mai dubawa ya ji harshen da ake magana da shi a ɗakin, in ba haka ba rabin layukan zato zai yi.

Idan na ga ana shirin cutar da majinyaci fa?

Ka sa baki. Idan za a sallami yaron da ba ya iya sha, ko za a sake amfani da allura, ko adadin maganin ya wuce kima, ka nemi ma'aikacin ku ɗan fita, ka faɗa masa a keɓe kafin uwar ta tafi. Makin kuwa ya tsaya a yadda yake kafin ka yi magana: sifiri, da bayanin cewa an sa baki. A amince tun wurin horo kan jerin abubuwan da ke wajabta wannan, don kada wani ya riƙa katse kowane duba, wani kuma ya yi shiru a kan haɗari.

Ta yaya za a san masu dubawa biyu suna ba da maki iri ɗaya?

A zaunar da su a ɗaki ɗaya su kalli majinyata ɗaya, kowa da takardarsa, ba magana, sannan a gwada gurbi da gurbi. Ce an gwada gurbi 100. Sun yarda an yi a 80, sun yarda ba a yi ba a 8, sun saɓa a 12: na farko ya ce i na biyu a'a sau 7, akasin haka sau 5. Daidaito kashi 88, abin kamar ya yi.

Sai dai yawancin layuka "i" ne, don haka ko da ido rufe suke sa alama za su haɗu sau da yawa. Ma'aunin da Jacob Cohen ya fitar a 1960, wanda manhajoji ke rubutawa kappa, yana cire wannan haɗuwar ta sa'a. Na farko ya ce i sau 87, na biyu sau 85, don haka haɗuwar sa'a ita ce 0.87 sau 0.85 a tara da 0.13 sau 0.15, wato 0.759.

```
kappa = (0.88 - 0.759) / (1 - 0.759) = 0.50
```

A rabe-raben Landis da Koch na 1977, 0.41 zuwa 0.60 matsakaici ne, sai daga 0.61 ake cewa daidaiton ya yi ƙarfi. Waɗannan biyun ba su shirya fita ba tukuna. Abin yi shi ne a nemo gurbi 12 ɗin nan. Kusan kullum za ka tarar sun taru a layuka biyu ko uku, kuma laifin na rubutun layin ne, ba na mutanen ba. A gyara layin, a sake gwaji. A maimaita wannan a tsakiyar aiki ma, domin bayan makonni kowa yana zamewa zuwa nasa fassarar, wani ya yi sassauci, wani ya tsananta.

Waɗanne alamu ke nuna an cike takarda a ƙarƙashin bishiya?

Maki ɗari a kowane layi a asibitin da takardar kayan aikinsa ta ce ba ma'aunin zafi, alhali an sa "ya auna zafi". Majinyata biyar da amsoshinsu suka zo iri ɗaya sak. Duba mai layi 20 da lokacin farawa da gamawa ya nuna minti biyu. Ba "bai shafa ba" ko ɗaya, kamar kowane yaro ya zo da dukkan cututtuka. Shi ya sa ake sa gurbin lokaci, shekarun yaro da abin da ya kawo shi a saman kowace takarda.

Me ake yi da sakamakon kafin a bar asibitin?

A zauna da ma'aikatan a ranar, bayan layi ya ragu, ba a gaban majinyata ba. A nuna musu karatun kwance, ba sunan kowa. Kowane layin da ya faɗi a tambayi dalilinsa, domin sifiri iri uku ne kuma maganinsu daban: ba a sani ba, ba kayan yi, ko an sani akwai kaya amma tsarin aiki ya hana. A misalinmu, ƙirgen numfashi na buƙatar agogo a bango da ɗan atisaye a kan yara biyu ko uku a gaban mai sa ido. Wanke hannu na buƙatar a shigo da bokiti da sabulu cikin ɗakin, ko a ajiye sinadarin goge hannu a kan tebur, wanda ke ɗaukar daƙiƙa 20 zuwa 30 maimakon 40 zuwa 60 na ruwa da sabulu. Tambayar jijjiga kuwa ana iya rubuta alamomin huɗu a manna a gefen tebur.

A zaɓi abu biyu ko uku kawai, a rubuta wanda zai yi da ranar da za a gama, a bar kwafi a asibitin. Ziyara ta gaba ta fara da wannan kwafin, kuma a yi amfani da takarda iri ɗaya, mai lambar bugu iri ɗaya. Idan an ƙara layuka ko an canza iyakar wani layi a tsakani, a gwada ziyarorin biyu a kan layukan da ba su canza ba kawai.